Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano kan sauya lokacin duti saboda karatun yamma

Ranka ya daɗe,



Wannan wasiƙa ta shafi ma'aikacin asibiti da ya samu gurbin karatun yamma, alhali yana cikin masu aikin karɓa-karɓa. Roƙon da take ɗauke da shi guda ɗaya ne: Hukuma ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida da za ta bai wa irin wannan ma'aikaci damar neman a sauya masa lokacin duti sauyi mai ɗorewa, daga ranar da ya fara karatu har ranar da ya gama, maimakon a bar shi yana bin abokan aiki da roƙon musaya kowane mako. An ɗauki misalin daga yankin Rano da Kibiya, inda ma'aikata ba su da yawa, kuma ba kowa ne ke kwana a garin da yake aiki ba.

Asibiti ba ya rufewa, shi ya sa ake raba yini gida uku. A asibitoci da yawa dutin safe yana farawa ƙarfe 8 ya ƙare ƙarfe 2 na rana, na yamma ya ɗauka daga 2 zuwa 8 na dare, na dare kuma ya kwana har 8 na safe. Wasu wuraren sukan kai na yamma zuwa ƙarfe 9, amma wannan bai canza komai a batun da ake magana ba. Ajin yamma kuwa yawanci bayan la'asar yake zama, wajen ƙarfe 4, ya tashi gab da magariba. Ke nan ajin yana faɗawa ne a tsakiyar dutin yamma, ba a gefensa ba. Da a ce a farkonsa ko ƙarshensa yake, da sai a ce ma'aikaci ya makara kaɗan ko ya tashi da wuri. Amma wanda ya karɓi aiki ƙarfe 2 ba zai bar marasa lafiya ƙarfe 4 ya dawo 6 ba. Ranar da dutin yamma ya haɗu da darasi, dole ɗaya ya faɗi.

A ɗauki wata mai taimaka wa nas-nas a sashen mata, tana zaune a Kibiya, tana aiki a wani asibiti a Rano. Ta gama sakandare shekaru da suka wuce, takardarta ba ta cika ba. Makarantar koyon aikin jinya tana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Sai ta shiga ajin yamma a cikin Rano, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 4 zuwa 6, da niyyar ta zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu. A sashenta su takwas ne masu aiki iri ɗaya, an raba su rukuni huɗu, bibbiyu. Kowane rukuni yana yin safe kwana biyu, yamma kwana biyu, dare kwana biyu, ya huta kwana biyu. Zagayen kwana takwas ke nan.

Abin da ke wahalar da ita yana cikin wannan takwas ɗin. Mako kwana bakwai ne, zagayen rosta takwas, don haka kowane zagaye ranakun dutinta suna gusawa da kwana ɗaya. Idan wannan karon yammarta ta faɗa Litinin da Talata, karo na gaba Talata da Laraba ce, sannan Laraba da Alhamis. Sai bayan mako takwas abin yake komawa inda ya fara. A cikin waɗannan makonni takwas tana da dutin yamma 14, kowace ranar mako ta samu biyu. Takwas daga ciki suna faɗawa tsakanin Litinin da Alhamis. Darussan da ake yi a wannan tsakani 32 ne, don haka tana rasa 8 cikin 32, wato kashi ɗaya bisa huɗu, tun kafin ciwo ko biki ko rasuwa su ɗauki nasu. A manyan makarantu da yawa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, wanda ke kan irin wannan rosta kuwa a kan layin daidai yake tsaye, rana ɗaya ta ƙaru ya faɗo. Ajin gyaran takarda ba lallai ya kafa wannan sharaɗi ba, amma Kimistiri da Lissafi darasi ne kan darasi. Wadda ba ta nan ranar da aka koyar da daidaita lissafin sinadarai, darasin da ke biye zai zame mata yaren da ba ta ji.

Maganin da aka saba da shi shi ne musaya ta baki. Ta roƙi wata ta tsaya mata yau, ita ma ta rama wata rana. Wannan yakan yi aiki na wata ɗaya ko biyu, daga nan ya fara tsami. Kowane zagaye sai an sake roƙo, kuma tun da ranakun suna gusawa, ba a iya ƙulla magana ɗaya a huta. Wadda ake roƙo tana da nata gidan da nata 'ya'yan. Ta amsa sau uku don kunya, na huɗu ta fara kashe waya. Wani lokaci ma kuɗi yakan shiga tsakani, ƙaramar ma'aikaciya ta riƙa yankar albashinta tana biyan mai tsaya mata. Mafi hatsari shi ne sunan da ke kan rosta daban, wadda ke cikin ɗakin daban. Idan wani abu ya faru da mara lafiya da ƙarfe 5 na yamma, takardar tuhuma wadda sunanta ke rubuce za ta nema, ko da tana aji a lokacin. Idan kuma an yi rashin fahimta, wannan tana zaton waccan ta je, sai a tarar nas ɗaya ce a kan gadaje ashirin ba mai miƙa mata ko ruwa. Ga shi kuma duk yarjejeniyar da ta tsaya a kan kirkin shugabar sashe, ranar da aka yi wa shugabar canjin wurin aiki ta rushe.

Kalmar ɗorewa tana buƙatar bayani, domin ita ce takan tsorata shugabanni. Ba ana nufin a cire ma'aikaciya daga karɓa-karɓa har ta yi ritaya ba. Ana nufin sauyi rubutacce, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wanda yake cikin fayil ɗinta, wanda duk mai tsara rosta zai bi ba tare da an sake zuwa roƙo ba, ko da shugabanni sun canza. Idan karatun na wata goma sha takwas ne, sauyin na wata goma sha takwas ne.

Akwai hanya biyu ta yin sa. Ta farko ita ce a mayar da ita dutin safe zalla. Ita ce mafi sauƙin rubutawa, kuma ita ce masu karatu suka fi nema, amma ita ce mafi tsada ga sashe. Yammarta 14 da darenta 14 duk za su koma kan mutum bakwai, kowa ya ƙaru da yamma biyu da dare biyu a mako takwas, ga shi dare awa 12 ne. Ba a daɗe ba za a fara cewa an fifita ta. Ita ma ba lallai ta ci riba ba, domin alawus ɗin karɓa-karɓa na masu zagayen duti ne, kuma wadda ta daina zagaye ta buɗe ƙofar a tambayi dalilin ci gaba da biyan ta. Wannan hanya ta fi dacewa a ajiye ta sai inda babu wata.

Hanya ta biyu ta fi ƙunci, kuma ita wannan wasiƙa take goyon baya. Abin da kawai za a rubuta shi ne ba za a sa ta dutin yamma daga Litinin zuwa Alhamis ba. Tana nan a darenta, tana nan a hutunta, awanninta ba su ragu ko da ɗaya ba. Ranar da yammarta ta faɗa ranar darasi, sai ta yi safe, ɗaya daga cikin masu safen ranar ta koma yamma. Safe da yamma duk awa shida ne, don haka ba wanda aka ci. A madadin haka, duk ranar da safenta ya faɗa Juma'a, Asabar ko Lahadi, sai ta karɓi yamma. Irin waɗannan ranaku shida ne a mako takwas. Ta ajiye yamma takwas, ta ɗauki shida, kuma shidan nan su ne waɗanda kowa yake gudu, domin a yammacin ƙarshen mako ake kamu da wuni da kai amarya.

Sai dai akwai wani ƙulli a nan da mai tsara rosta zai iya tsallakewa bai gani ba. Waɗanda suke ɗaukar mata nauyi ba su ne suke cin ramuwar ba. A ce tana rukuni na ɗaya. Ranar da take yamma, masu safe su ne rukuni na huɗu, wanda ke bin bayanta a zagaye. Su ne za su karɓi yamma takwas ɗin, kowace huɗu. Ranar da take safe kuwa, masu yamma rukuni na biyu ne, wanda ke gabanta. Su ne za su samu sauƙin kwana shidan nan. A takarda lissafi ya kusa daidaita, amma a cikin ɗaki mutum biyu suna biya, wasu biyu suna karɓa. Idan aka bar shi haka, cikin wata uku za a ji gunaguni, kuma masu gunagunin suna da gaskiya. Gyaransa shi ne duk bayan mako takwas a musanya mutanen rukuni na biyu da na huɗu, ko kuma a riƙa juya dukkan sauran ma'aikatan a wannan gurbi, sannan a ajiye ɗan littafi da ke nuna wa ya karɓi yamma nawa. Littafin ya zauna a teburin nas-nas inda kowa zai iya buɗawa.

Wannan ƙulli shi ne kuma yake nuna iyakar abin da sashe zai iya ɗauka. Idan aka samu ɗaliba ta biyu, wurin da aka ajiye ta shi ne komai. In an haɗa su rukuni ɗaya, duk ranar darasin da ta haɗu da yammarsu mutum biyun da ke bayansu za su koma yamma gaba ɗaya. In an sa ta a rukuni na huɗu, ita ba za ta iya karɓar yamma ba, sai nauyin takwas ya faɗa kan abokiyar rukuninta ita kaɗai. Amma in an sa ta a rukuni na uku, kishiyar ta farko, sai abin ya daidaita da kansa: rukuni na biyu yana ɗaukar wa ta biyu nauyi yana cin ramuwar ta farko, rukuni na huɗu yana ɗaukar wa ta farko yana cin ramuwar ta biyu. Kowanne ya bayar da takwas ya karɓi shida. Ta uku kuwa ba ta da gurbi mai kyau. Saboda haka a sashe mai mutum takwas a kan irin wannan zagaye, biyu ne iyaka, wadda ta zo ta uku sai ta jira ko a duba mata wani sashe. Gara a faɗa mata haka tun kafin ta biya kuɗin makaranta. Lissafin nan ɗaya ne ga nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ajiye katin marasa lafiya, sai dai musaya ba ta yiwuwa sai tsakanin masu matsayi ɗaya, kuma kada a bar duti babu babba a cikinsa.

Dutin dare ba ya karo da aji a agogo, amma yana karo da shi a jiki. Daren farko ba matsala: ta tashi daga aji ƙarfe 6, ta yi magariba, ta ci abinci, ta karɓi aiki ƙarfe 8. Na biyun ne abin dubawa. Ta sauka ƙarfe 8 na safe, miƙa aiki ya ci minti ashirin ko talatin, ta tsaya bakin hanya jiran mota ko ɗan acaɓa zuwa Kibiya. Kafin ta yi wanka ta kwanta goma ta yi. Ƙarfe 3 kuma dole ta kama hanyar dawowa. Barcin da ke tsakani bai wuce awa huɗu ba, a cikin gida mai yara, da rana tsaka, sannan ga awa 12 na jiran ta. Alamomin cewa abin ya fi ƙarfinta ba ɓoyayyu ba ne: gyangyaɗi a kan kujera da ƙarfe 3 na dare, makara wajen karɓar aiki, manta saƙon da nas ta bayar, saurin fushi da 'yan jinya. Abin da zai rage wannan ba ya cin kuɗi. A bar mata ɗakin hutun ma'aikata ta yi barci a Rano tsakanin dare biyun, ta huta da zirga-zirgar hanya. Idan hakan bai samu ba, ta haƙura da darasin wannan ranar, malamin ya san da haka tun farko.

Duk wannan ya tsaya ne a kan cewa ajin a Rano yake. Garin yana da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wato makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i, jihar kuma tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Amma wanda yake neman digiri na wucin gadi, kamar wanda Jami'ar Bayero take bayarwa a makarantarta ta ci gaba da karatu, birni zai nufa. Daga Rano zuwa Kano ta Bunkure da Karfi tafiya ce ta fiye da awa ɗaya, ban da jiran mota ta cika da cunkoson shiga gari. Wanda ya miƙa aiki ƙarfe 2 da rabi da ƙyar zai kama darasin ƙarfe 4, wanda kuma ya tashi ƙarfe 6 a Kano ba za a dogara da shi ya karɓi dutin 8 a Rano ba. Irin wannan ma'aikaci ƙaramin sauyi bai ishe shi ba. Ko dai a tattara masa dutinsa a ranakun da ba darasi, ko a duba masa canjin wurin aiki, ko ya nemi hutun karatu. Dokokin aikin gwamnati sun san hutun karatu, mai albashi da marar albashi, amma wannan yana ɗauke ma'aikaci gaba ɗaya. Asibitin karkara da ya rasa mutum ɗaya cikin takwas na shekara biyu ya fi jin jiki a kan wanda ya gyara rosta.

Ta fuskar doka, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta 1974 ta bar tsayar da lokutan aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki, ko tsakanin ƙungiya da hukuma. Sashe na 13 ya tanadi hutun da bai gaza awa 24 a jere ba cikin kowane kwana bakwai, sashe na 7 kuma ya ce idan sharuɗɗan aiki suka canza a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, ba ta haɗa da masu aikin ƙwarewa ba, kuma ba ta bai wa kowa haƙƙin a sauya masa duti don karatu ba. Amma ba ta hana ba. Birtaniya ta bi wata hanya da ta cancanci a duba: tun Afrilun 2024 ma'aikaci yana da ikon neman sauyin lokacin aiki daga ranar da ya fara aiki, sau biyu a shekara, dole a ba shi amsa cikin wata biyu, kuma ba a ƙi sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa. Can ma haƙƙin nema ne, ba haƙƙin samu ba. Abin koyi a ciki shi ne wa'adin amsa da rubuta dalili.

Abin da ake roƙon mai girma Shugaba shi ne takardar umarni ɗaya zuwa ga asibitocin da ke ƙarƙashin Hukuma. Ma'aikaci ya rubuta buƙatarsa ta hannun shugaban sashensa, aƙalla mako shida kafin a fara karatu, ya haɗa da takardar samun gurbi, da jadawalin darussa mai hatimin makaranta, da ranar da ake sa ran gamawa. Ya faɗi ainihin ranaku da awannin da yake nema a keɓe masa, da abin da zai ɗauka a madadi. Shugaban sashe ya zauna da waɗanda sauyin zai shafa kafin ya sa hannu, domin su ne za su ɗauki nauyin. A ba da amsa a rubuce cikin mako uku. Idan an ƙi, a faɗi dalili, kamar cikar gurbi ko rashin mai matsayi ɗaya da za a yi musaya da shi, kuma mai nema ya iya ɗaukaka magana zuwa ga shugaban asibiti.

Idan an amince, a gwada na mako takwas, wato zagaye cikakke, a duba littafin musaya da rajistar zuwa aiki, sannan a tabbatar. Kowane zangon karatu ma'aikaci ya kawo shaidar yana halarta; wanda ya daina zuwa aji ya koma tsohuwar rosta a zagaye na gaba. Lokacin da makaranta take hutu ma haka. A rubuta tun farko cewa za a iya dakatar da sauyin na ɗan lokaci idan annoba ta ɓarke, ko a tsakiyar damina zuwa kaka, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika gadaje, amma da sanarwa da ranar komawa. A watan azumi makarantu sukan matsar da lokacin darasi, don haka a bar wa shugaban sashe ikon daidaita wannan watan ba sai an sake sabuwar takarda ba. Makon jarrabawa kuma, tun da da safe ake yawan yin ta, a cire shi daga hutun shekara na ma'aikacin, ya nema tun da wuri.

Kwafin takardar amincewa ɗaya ya shiga fayil, ɗaya ya je hannun mai tsara rosta, ɗaya ya zauna wurin ma'aikacin.

Allah Ya taimaki Shugaba, Ya yi masa jagora.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya,
Kibiya, Jihar Kano.